Ƙullutun da Muka Raina

Ni ce na sa aka yi wa karen Baba sakiya, kuma na zaɓi ranar Juma'a da gangan, don na san a ranar ce kawai suke rabuwa. Gara in faɗi wannan tun farko, domin duk wanda ya san ni a shekarun nan ya san ba na jin magana idan na riga na ƙudurta abu. Inna takan ce tun ina goye nake da gardama.

Wannan ya faru ba a daɗe da yanka mana jihar Kebbi ba. Har a lokacin, idan za mu rubuta adireshi, hannu kan zarce ya sa Sakkwato, sai a soke a gyara. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke bakin tafki, ta wajen Ngaski, kuma ina zaune gidanmu da 'yata ƙarama tun bayan rasuwar mijina. Inna na bandar kifi. Baba kuwa Basarke ne, masunci da ya ci zamaninsa a kan ruwa, har ciwon idon nan na mutanen bakin kogi ya cinye masa gani a hankali. Lokacin da nake ba da labari, haske kawai yake bambancewa da duhu.

Mutum ne mai girman kai irin na masu sana'a. Ya rantse ba wanda zai riƙe masa sanda ya ja shi cikin gari. Na gwada sau ɗaya, ya fizge hannunsa har na yi taga-taga. Da ba don karen ba, da a ɗaka zai ƙare. Tun yana ɗan kwikwiyo Baba ya tsinto shi a wani tsibiri, ya kawo shi don ya riƙa korar muzurai daga wurin banda. Ba wanda ya koya masa komai. Da idon Baba ya tafi, sai kawai aka ga karen ya koma tafiya a gefensa na hagu, kafaɗarsa na gogar gwiwar Baba. Idan akwai rami ya tsaya, idan akwai igiyar jirgi a miƙe ya kewaye. Haka suke sauka bakin ruwa kowace safiya, Baba ya zauna gindin giyayya yana ɗinkin taru da laluben yatsu, yana gyara wa matasa labarin da suka ba da ba daidai ba. La'asar su hauro tare. Masallacin Juma'a ne kawai karen ba ya zuwa. Ranar maƙwabcinmu ke ɗaukar Baba a keke, wannan kuma bai ɗauke shi ja ba.

Karen ya haura shekara goma a lokacin. Bakinsa ya yi furfura, ya kuma yi ƙiba, don kan kifi ba ya yanke masa. Sai ƙullutai suka fara fito masa. Akwai biyu ƙanana a bayansa, sai wani babba a haƙarƙari, bayan ƙafar gaba, wanda ya shekara uku yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ya kai girman mangwaro. Idan yana tafiya abin na rinjaya gefe guda. Ni ko kallonsa ba na so. Mata masu zuwa sarin kifi sukan tsaya su nuna shi da baki, wata har ta tambayi Inna ko ba ya zuba a kifin. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai.

Na ce wa Baba a yi wa abin nan magani tun bai fashe ba. Kasancewata 'yar fari, ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "ke".

Ya ce, "Ke, wanga babba ba shi da komi. Taɓa ki ji, laushi garai, shina gudu ƙarƙashin hwata. Ko na matsa ba ya ko ɗaga kunne. Wanda ad damuwata shi na wanga."

Ya lalubo gefen cikin karen, kusa da cinyar baya, ya buɗa gashin da yatsa biyu. Na leƙa daga tsaye, hannuna a baya. Wani ɗan abu ne da bai fi ƙwayar gurjiya ba, ja-ja, gashin kansa ya zube.

Ya ce, "Wata ukku da sunka wuce babu shi. Wata rana in ishe shi ya kumbura, wata rana ya sace. Kuma shina yawan lasa tai."

Na yi dariya. Na ce cizon kaska ne, kowane kare na da irinsa. Ga dutse a gaban mutum, yana maganar tsakuwa. A raina kuwa na ce makanta ce, wanda ba ya gani ba zai san munin abin da muke gani ba. Allah Ya yafe mini wannan tunanin, don har yau idan na tuna shi sai na ji kunya.

Ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu, yana kiwon shanu da awaki a bayan gari, kuma shi ake kira idan dabba ta yi kumburi. Yana da wata tsohuwar kibiya da yake sa wa a wuta har ta yi ja, ya huda kumburin, mugunya ta tsiyaye, dabba ta huta. Na sha ganin ya yi wa akuya haka ta warke. A wurinmu duk abin da ya kumbura ruwa ne ya taru, maganinsa kuma a ba shi hanya. Na same shi na yi masa bayani. Ya ce bai taɓa yi wa kare ba, kuma me mai karen ya ce? Na ce ya bar ni da mai karen.

Ranar Juma'a, keken maƙwabci na ɓacewa, muka ɗaure bakin karen da tsumma. Ni na hura wutar a murhun bandar Inna. Ita dai cewa ta yi ba ruwanta, ta shige ɗaki. Na danne ƙafafunsa, ranar ce ma na fara sa masa hannu, Kawu ya soka kibiyar. Kukan da ya yi ta cikin tsumman nan bai da ƙarfi, amma ya daɗe a kunnena. Muka jira mugunya. Babu. Kawu ya matsa, ya ƙara matsawa, sai ɗan jini da wani maiƙo mai ƙauri irin na kitse a kan wuta. Ya dubi kibiyar, ya dube ni.

Ya ce, "Ɗiyata, wanga ba maruru ba na. Ban san ko mi na ba."

Baba bai kai ga shiga gida ba ya sani. Karen bai tarye shi a ƙofa ba, sannan hancinsa ya ba shi sauran labari. Ya tsuguna a inda karen ke kwance bayan rumbu, ya bi jikinsa da hannu har ya kai wurin. Na tsaya ina jiran faɗa, na ma tanadi amsoshina. Sai kawai ya tambayi Inna ruwan ɗumi da gishiri, ya wanke ciwon da kansa, ya shiga ɗaki.

Kwana huɗu wurin ya ruɓe. Ya kumbura, ya yi zafi, ƙudaje suka samu wurin zuwa. Karen ya daina tashi, Baba ya daina fita. Abokansa suka aiko a tambaya ko lafiya, ya ce a ce musu yana nan. Na kai masa taru har ɗaki ko zai ɗinka, ya tura shi gefe da ƙafa. Sai ya wuni zaune bakin gado, fuskarsa na kallon bango. A kwanakin nan na ga yadda tsufa ke sauko wa mutum lokaci guda, na kuma san ni na buɗe masa ƙofa. Tsoro ya kama ni sosai. Idan karen nan ya mutu, Baba ba zai sake taka bakin ruwa ba, kuma ba zai yarda wani ya kai shi ba, balle ni.

Kawu ne ya kawo maganar likitan dabbobi na Yelwa, wanda kan zo yi wa shanunsu allurar rigakafi. Ya ce mutumin na da madubin da yake duba jinin shanu idan ana zaton cutar sammore, ƙila ya san na kare. Inna ta ce wa ya taɓa kai kare asibiti, mutane ma ina suka je? Na ce ni zan fara. Taurin kan da ya jawo ɓarnar shi ne dai na ɗauka na tafi gyara da shi.

Ranar kasuwar Yelwa muka sa karen a babban kwandon kifi, muka shimfiɗa masa buhu, ni da Kawu muka kai shi jirgin inji. Muna shirin tashi sai ga Baba a bakin ruwa, riƙe da kafaɗar Inna. Tun da idonsa ya tafi, ban taɓa ganin ya riƙe kowa ba sai ranar. Ya ce shi ma za shi, don ba mu san abin da za mu faɗa wa likita ba.

Abin da na sha a jirgin nan ba kaɗan ba ne. Wani mai buhunan albasa ya tambaya ko amarya ce muke kaiwa. Wata tsohuwa ta tattare zanenta ta ce malamar makaranta guda da dakon kare, ilimin boko dai ya kai inda za shi. Na ce mata karen ya biya kuɗin wurinsa, kuma tun da muka taso bai yi gulmar kowa ba. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Baba na gefe, hannunsa cikin kwandon, ko murmushi bai yi ba.

Ofishin likitan ɗaki biyu ne da rumfar kwano, ga turken ɗaure shanu a gaba. Shi kansa siriri ne mai tabarau, ba zai wuce sa'ata ba. Na yi zaton zai kore mu. Sai ya sa aka ɗora karen a teburin ƙarfe, ya sake ɗaure masa baki da bandeji, ya duba ciwon.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Kawu ya buɗe baki, na riga shi. Na ce ni na sa.

Bai yi mini wa'azi ba, na kuwa gode masa. Ya aske gashin wurin, ya wanke, ya matse ruɓar da ta taru, ya yi wa karen allura. Sannan ya juya wajen Baba, ya ce, "Baba, kai ne mai shi? Ƙullutu nawa ne a jikinsa?"

"Huɗu," in ji Baba. "Ukku tsohi, guda sabo."

"Nuna mini su yadda suka fito, na fari zuwa na ƙarshe."

Baba ya miƙa wa Kawu sandarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wace damina kowanne ya fito, da yadda ya ƙaru ko ya tsaya. Da ya kai kan ƙaramin, ya maimaita abin da ya gaya mini a gida, kalma bayan kalma. Likitan ya daina rubutu. Ya sunkuya ya daɗe yana duban ɗan abin nan da na kira cizon kaska, sannan ya laluba matsematsin karen da bayan gwiwarsa. Ya ce kaluluwa yake nema, kuma alhamdu lillahi bai ji ta tashi ba.

Ni dai ban haƙura ba. Na ce, "Likita, babban fa? Shi muka kawo."

Ya ce, "Malama, ba girma ake dubawa ba. Tsohon kare, musamman mai jiki irin wannan, yakan tara kitse a ƙarƙashin fata, ya dunƙule wuri guda. Za ki ji shi da laushi, yana zamewa idan kin tura, ba ya masa ciwo, kuma sai ya shekara bai ƙaru da yawa ba. Irin wannan ba a taɓa shi, sai in ya hana shi tafiya ko kwanciya. Babu ruwa a ciki balle a tsiyaye. Wanda ke ba mu tsoro shi ne mai tauri, ko wanda ya manne da nama ba ya motsi, ko mai saurin girma, ko wanda ya yi ja, yana ƙaiƙayi, yana fashewa ko jini. Da wanda yau ya kumbura gobe ya sace, kamar yadda Baba ya faɗa."

Baba ya ce, "To ashe hannuna bai yi ƙarya ba. Ukkun ga kitse na."

"Ina zaton haka, Baba. Amma ni ma da na yi karatun, hannuna zato kawai yake yi. Akwai mugun ƙari da ke zuwa da laushi kamar kitse, ya ruɗi kowa. Allura ce ke raba gardama, don haka duka huɗun zan ɗiba."

Na ji daɗin wannan a ɓoye, don aƙalla ba ni kaɗai ce aka rage wa tsawo ba.

Da na ji an ce allura, na zaci wani babban aiki ne. Ashe siririya ce irin ta rigakafin yara. Ya kama ƙullutun baya da yatsu biyu, ya soka, ya ɗan juya ta ciki, ya zare, ya fesa abin da ta ɗebo a kan wani ɗan gilashi mai tsawon yatsa, ya shafe shi da wani gilashin. Karen ko motsi bai yi ba. Haka ya yi wa na biyu da sabuwar allura, haka ya yi wa babban ta gefen da wuta ba ta taɓa ba. Ya ɗaga gilasan a hasken taga ya ce in zo in gani. Ɗigo-ɗigon mai ne ke ƙyalli a kai, irin wanda ke tasowa a kan romo, kuma ya ƙi bushewa. Na ƙaramin kuwa da ya ɗiba, wani farin abu ne da ɗan jini, nan da nan ya bushe.

Ya shiga da su ciki, ya tsoma su a ruwan rini irin wanda yake amfani da shi wajen jinin shanu. Muka zauna a benci muna jira. Kafin ya fito, ɗan ƙullutun nan ya ninka girmansa, fatar kewaye ta yi jawur. Na firgita na kira shi. Ya duba, ya ce irin halinsa ke nan, idan an taɓa shi sai ya fusata, ya kuma yi wa karen wata allurar da za ta kwantar da kumburin. Sannan ya dubi Kawu ya ce, da wannan muka soka wa kibiya, da labarin ya fi haka muni. Kawu ya sunkuyar da kai.

Ya kira ni in leƙa madubin, tunda an ce malama ce. A gilasan farko kusan babu komai, sai wasu fararen ramuka kamar saƙar zuma. A na ƙarshen kuwa ƙwayoyi ne kewayayyu birjik, kowace cike da ɗige-ɗige masu launin shuni. Ban san me nake gani ba, amma na ga ba iri ɗaya ba ne.

Ya fito ya tsuguna gaban Baba, ya yi masa bayani a hankali. Ukun kitse ne, a bar su. Ciwon sakiya zai warke da wanki da magani. Ƙaramin kuwa ƙari ne na fata, irin wanda ke iya yaɗuwa cikin jiki idan aka bar shi. Akwai mai sauƙi a cikinsu, akwai mai tsanani, kuma ba a tantancewa sai an cire an aika da shi an duba. Abin da ke ba shi ƙarfin gwiwa shi ne har yanzu ƙarami ne, kaluluwa ba ta tashi ba, kuma wurin akwai fatar da za a yanka da faɗi. Sai dai bai ɓoye ba cewa sa tsohon kare barci na da nasa haɗarin.

Baba ya ce, "In anka bar shi hwa?"

"Zai iya kai wani lokaci lafiya. Amma in ya bazu, ba ni da abin da zan yi masa."

"In anka yanke, shina iya tahiya?"

"In Allah Ya yarda, cikin mako biyu."

"To a yanke."

Likitan ya ce sai ruɓar ta lafa tukuna, ya ba mu mako guda. Ya ba ni ƙwayoyi da ruwan wanki, ya ce ranar da za mu dawo kada a ba shi abinci tun daren jiya. Ni na riƙa wanke ciwon safe da yamma. Ranar farko karen ya yi mini gurnani, ban kuwa ga laifinsa ba. Baba na zaune kusa yana sauraron motsin hannuna cikin ruwa, ba ya cewa an yi daidai ko ba a yi ba.

Ranar aikin, a ƙarƙashin rumfar kwanon nan muka zauna daga hantsi har azahar. Baba na jan carbi. Ni na ƙirga tumakin da aka kawo, na sake ƙirgawa. Da aka ce mu shigo, na ga ɗinki ya kusa tsawon tafin hannuna saboda abin da bai fi gurjiya ba, sai raina ya ɓaci, na ce wannan ai fiɗa ce. Likitan ya ce irin wannan ƙarin na da saiwoyin da ido ba ya gani, dole a haɗa da lafiyayyar fata ta kowane gefe da ta ƙasa, in ba haka ba a bar masa iri. Ya nuna mini naman cikin kwalba da ruwan magani, ya ce zai ba da shi a kai Sakkwato, wurin masu yanka shi siriri su duba gefunansa. Baba bai ji duk wannan ba. Tafinsa na kan haƙarƙarin karen, yana jin yadda yake hawa da sauka.

Matsalar da ta rage ita ce lasa. An ce kada ya kai baki wurin ɗinkin. Inna, wadda ta ce ba ruwanta, ita ta ɗauko tsohuwar ƙwaryar da take auna gero da ita, ta huda gindinta, ta naɗe bakin hudar da tsumma, muka zura masa a wuya. Ya yi kwana goma sha biyu yana yawo cikin gida kamar an dasa kansa a tukunya, yana karo da turmi da ƙofa. 'Yata ta yi dariya har da hawaye. Ranar da ya ci karo da ƙafar Baba, na ji Baba ya ce masa, "To, yau ka ji abin da ni ka ji." Wannan ce dariyarsa ta farko tun ranar Juma'ar nan.

Da muka koma cire zare, sakamako bai iso ba. Sai bayan kusan wata guda likitan ya zo yi wa shanun su Kawu allura, ya ratso gidanmu da takardar a aljihu. Ya ce mai sauƙin ne, kuma gefunan sun fita tsaf. Amma karen da ya taɓa yin irinsa na iya yin wani, don haka a riƙa lalube shi duk mako, har da tabon. Duk sabon da ya fito, ko laushinsa ya kai na auduga, a kawo a sa masa allura. Tsofaffin kuma a riƙa aunawa, in ɗaya ya canza hali a kawo shi. Ya ce tunda Baba ba ya rubutu, a sami zare a kewaya kowanne, a ƙulla daidai faɗinsa, a ajiye.

Kafin nan sun riga sun koma bakin ruwa. Na ga fitarsu ta farko daga tagar ajinmu, karen na ɗan ɗingishi, babban ƙullutun na rinjaya kamar da, da tabon kibiyata a tsakiyarsa. Har karen ya mutu, damina uku bayan haka, yana ɗauke da shi, bai kuma taɓa hana shi komai ba. Tsufa ne ya ɗauke shi a gindin giyayya, kusa da ƙafar mai shi. Sau biyu a tsakani muna komawa Yelwa da sabon ƙullutu, duka biyun kitse ne, kuma ba wanda ya ƙara yi mini ba'a a jirgi, sai ma tambaya. Har Kawu ya koma cewa a fara tsotsa da allura a ga ko akwai mugunya kafin ya sa kibiyarsa a wuta.

Amma a makonnin bayan aikin, tsakanina da Baba maganar ba ta mutu ba. Yana amsa gaisuwata, yana cin abin da na dafa, iyakarta ke nan. Ban iya ba da haƙuri ba, shi ma bai iya karɓa ba, gado ne. Na yi ta juya kalmomin a bakina, su ƙi fita.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwan likita, da safe, na tarar da shi zaune a tabarma, karen kwance gabansa, ga guntayen zaren taru uku a cinyarsa. Ya auna biyu ya ƙulla. Na zo wucewa da bokiti sai ya ce, "Ke."

Na tsaya.

"Aje wanga ki taho."

Na tsuguna. Ya lalubo wuyan hannuna ya kama. Rabon da ya riƙe mini hannu tun ina yarinya, yana tsallakar da ni daga jirgi zuwa tudu. Ya ɗora yatsuna a bayan karen, nasa a kan nawa, ya tura ƙullutun farko ya zame, ya tura na biyu. Ya kai ni kan babban, daidai tabon, ya ɗan tsaya a nan. Sannan ya gangara da hannuna kan dogon ɗinkin, a hankali, daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Ni ban san ja ba yanzu, ban san baƙi ba. Ke ad da ido. Ni in taɓa, ke ki duba, kowace Juma'a."

Na ce to.

Ya miƙo mini zare na uku, ya ce in auna babban da kaina, kuma kada in ja shi da ƙarfi.